Wasiƙar wanda ya zo na biyu a intabiyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai kula da harkokin ma'aikata a wata makaranta mai zaman kanta a Gombe. Mun yi wa mutum biyar intabiyu kan aikin akanta. Na ɗaya ya samu maki 82, na biyu 79, gurbi kuma ɗaya ne. Wallahi na biyun ya burge mu, daga Bajoga ya zo har sau biyu. Yaya zan rubuta masa cewa bai samu ba, ba tare da na karya masa gwiwa ba, kuma ya san muna sonsa idan wani gurbin ya fito?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Kafin ki ɗauki biro, ki amsa wa kanki tambaya ɗaya: shin mai 82 ɗin ya sa hannu a takardar karɓar aiki? Ba ya ce "na gode, in sha Allahu zan zo" a waya ba, a'a, ya sa hannu ya dawo da kwafi, ya kuma faɗi ranar da zai kama aiki. Idan bai yi ba, to lokacin wannan wasiƙar bai yi ba tukuna.

Na fara da wannan ne saboda ni ya taɓa ci. Shekarun baya, ina aiki da wata ƙungiya a nan Bauchi, muka ɗauki jami'in kula da sito. Ranar da kwamiti ya yanke hukunci na zauna na buga wasiƙun haƙuri guda huɗu, na aika duka, ina ganin na yi aikin kirki tun da ban bar kowa yana jira ba. Bayan kwana tara wanda muka zaɓa ya kira ya ce ya samu aikin gwamnati, mu yi haƙuri. Na koma wa na biyu da kunya a fuskata, ya ce mini cikin ladabi ai da ya ga wasiƙarmu ya amsa wani tayi a Azare, har ya kai kayansa. Na ukun kuwa bai kai ba ko kusa. Sai da muka sake talla daga farko, sito ya zauna wata biyu babu mai shi.

Don haka mutum huɗun da ba su samu ba, ba matsayinsu ɗaya ba. Na uku zuwa na biyar ki sallame su yanzu da gajeriyar wasiƙa ta godiya. Na biyu ki riƙe shi, amma ba da shiru ba. Ki ba wa na ɗaya wa'adi, kwana biyar na aiki sun isa, shi kuma mutumin Bajoga ki tura masa layi biyu: kwamiti ya gama zama, yana cikin waɗanda ake dubawa a matakin ƙarshe, zai ji daga gare ku kafin ranar kaza. Ki faɗi ranar da sunanta, Alhamis 14 ga wata misali, kuma ki cika. Wannan ba yaudara ba ce, gaskiya ce, domin har yanzu ana duba shi ɗin. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ki ja shi wata guda kina jiran ki ga ko na ɗaya zai zauna. Mako biyu daga ranar intabiyu ta ƙarshe, iyaka ke nan a wurina.

To, a ce na ɗaya ya sa hannu. Yanzu sai wasiƙa, kuma matsalarta ba rashin ladabi ba ce. Mu ladabi ba ya yi mana wuya. Matsalarmu ladabin ne yake yawa har ya rufe saƙon. Kin san yadda muke sallamar mutum: "Ba komai Malam, ka je, za mu neme ka." Duk wanda ya taɓa yawo da fayil a ƙarƙashin hammata daga sakatariya zuwa sakatariya ya san "za mu neme ka" na nufin kada ka dawo. To ga ki yau da mutumin da da gaske kike son ki neme shi, amma kalmar da za ki faɗa masa an riga an cinye ta da ƙarya. Aikin wasiƙarki duka shi ne ta sa ya gane cewa taki ba irin waccan ba ce. Ba a yin haka da ƙarin kalmomi masu daɗi. Ana yi da abubuwan da ba za a iya rubuta wa kowa ba sai shi: abin da ya yi a ɗakin intabiyu, matsayin da ya zo, da abin da za ku yi, zuwa yaushe.

Ga yadda ni zan rubuta, a kan takardar makaranta mai tambari, da kwanan wata da sa hannu:

Zuwa ga Malam Wane,

Assalamu alaikum. Muna godiya da ka amsa gayyatarmu har sau biyu, ka taso daga Bajoga domin ganawa kan aikin akanta na wannan makaranta.

Muna sanar da kai cewa a wannan karon ba kai aka ɗauka ba. Gurbi ɗaya ne, an ba wani daga cikin masu nema, kuma ya karɓa.

Muna so ka san cewa hukuncin bai zo wa kwamiti da sauƙi ba. Cikin waɗanda aka gana da su kai ne ka zo na biyu, kuma tazarar ƙanƙanuwa ce. Kwamiti ya yaba musamman da yadda ka gano kurakuran da aka saka a gwajin daidaita littafin kuɗi da takardar banki, da kuma shawarar da ka kawo kan bibiyar kuɗin makaranta da iyaye ke biya kashi-kashi. Abin da ya rinjayar da zaɓin shi ne gogewa a lissafin albashi, wato cire haraji da fansho da aika su, wanda aikin ke buƙata tun daga watan farko.

Idan ka amince, za mu ajiye takardunka na tsawon wata shida daga yau. Idan gurbi ya samu a sashen kuɗi cikin wannan lokaci, za mu sanar da kai kai tsaye kafin mu yi talla, kuma ba sai ka sake rubuta jarrabawar farko ba. Wannan ba alkawarin aiki ba ne, don haka kada ya hana ka karɓar wata dama da ta zo maka. Ka sanar da mu ko ka yarda a ajiye takardun, haka kuma idan ka canza lambar waya.

Idan kana son ƙarin bayani kan yadda ganawarka ta kasance, ina iya ba ka minti goma sha biyar ta waya a mako mai zuwa.

Muna yi maka fatan alheri. Allah Ya haɗa ka da abin da ya fi zama alheri.

Sai sunanki da muƙaminki.

Ki lura da inda "ba kai aka ɗauka ba" ya zauna: sakin layi na biyu, a fili, babu kwana-kwana. Mutumin nan a waya zai buɗe saƙon, wataƙila yana kan babur ko a tsakiyar kasuwa, idonsa kuma abu ɗaya yake nema. Idan kika jera masa yabo na layi goma kafin ki zo ga maganar, zuciyarsa za ta hau sama tana murna, sannan ki sako ta. Wannan ya fi zafi. Na kuma taɓa ganin wasiƙar da aka lulluɓe ta da taushi har mai ita ya zo ofis da safiyar Litinin da sabuwar kaftani yana tambayar teburinsa, domin bai ga inda aka ce bai samu ba. Na ƙara "kuma ya karɓa" da gangan. Ita ce ke rufe ƙofar wannan gurbin, ta hana shi fara neman wanda zai je ya yi masa magana wurin mai makaranta.

Sakin layi na uku ne zai fi ba ki aiki, domin sai kin koma takardun makin 'yan kwamiti. Abubuwan da na sa a ciki misali ne kawai, ke za ki sa na gaskiya. Ki nemo abu ɗaya ko biyu da ya yi wanda idan ya karanta zai tuna daƙiƙar da ya yi shi. "Kana da hazaƙa da ƙwazo" ba ya cikinsu, kowa ana gaya masa haka. Sannan dalilin rashin samu ki faɗe shi da harshen aiki, ba da harshen mutum ba. Bambanci ne babba tsakanin "ba ka iya lissafin albashi ba" da "gogewa a lissafin albashi ce ta rinjayi zaɓin". Na farko hukunci ne a kansa, wanda zai iya musantawa. Na biyu bayani ne kan abin da kujerar ke buƙata, kuma ya ba shi abin yi. Akanta mai hankali da ya karanta wannan zai je ya zauna da wani ya koyi yadda ake cire kashi 8 na ma'aikaci a haɗa da kashi 10 na mai aiki kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tsara, a aika cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Idan kuka kira shi bayan wata huɗu, ya cike giɓin da ya kayar da shi.

Makin fa? Ni ba na sa 82 da 79 a takarda. "Na biyu, da ƙaramar tazara" ya isa. Da zarar ya ga maki uku ne, zai fara lissafi: wace tambaya ce, wane ɗan kwamiti ne ya rage mini, ai wancan mai gilashin tun da na shigo bai saki fuska ba. Kuma maki uku a tsakanin alƙalai uku ko huɗu, mu da muka sha zama a kwamiti mun san abu ne da ke iya juyawa da a ce an yi ganawar da safe maimakon bayan azahar. Ba ki son ki buɗe wannan muhawarar a rubuce. Haka nan kada ki faɗi sunan wanda aka ɗauka, ko makarantar da ya yi, ko inda ya taɓa aiki. Gombe ba ta da girman da zai kasa ganowa da kansa, amma kada ya fito daga takardarki.

Akwai kuma dalilan da ake faɗa da kyakkyawar niyya, don a sanyaya wa mutum rai, alhali su ne masu jawo rigima. "Mun ga gidanka da nisa." "Mun fi son ɗan gari." "Mun ga kamar matashi zai fi jure aikin." Ga mace kuma, "mun ga kina da goyo." Mai faɗa yana ganin ya nuna masa ba laifinsa ba ne. Mai karɓa kuwa yana riƙe da takarda mai tambari da ke cewa an ƙi shi saboda garinsu ko shekarunsa ko jinsinsa. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya yi magana kan nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini, akwai kuma dokar 2018 da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Ko ba a je kotu ba, hoton wasiƙar kaɗai idan ya shiga WhatsApp ya isa ya ɓata sunan makaranta. Idan nisan Bajoga ya dame ku da gaske, wurin tambayarsa ɗakin intabiyu ne: za ka iya dawowa Gombe da zama? Ba a wasiƙar sallama ba. Abin da kika rubuta a matsayin dalili kuma lallai ya zama shi ne a takardar maki. Idan kika ƙirƙiro wani don ya fi daɗin ji, ranar da ɗan kwamiti ya haɗu da shi a wurin ɗaurin aure ya faɗa masa wani daban, shi ke nan, duk wasiƙar ta zama ƙarya a idonsa.

Yanzu ƙofar da kike son bari a buɗe. Nan ne mutane ke zamewa ta ɗayan ɓangaren, tausayi ya ja su su yi alkawari. Wani abokin aikina ya taɓa rubuta wa wani "gurbi na gaba naka ne in sha Allahu". Wata takwas bayan haka gurbi ya fito, amma a lokacin shugaba ya canza, buƙatar ma ta canza. Sai ga mutumin da wasiƙar a leda, tare da kawunsa dattijo mai furfura, suka zauna a ofis. Ta fuskar doka wataƙila babu abin da za su iya, amma wa zai kalli dattijo ya ce masa abin da muka sa wa hannu ba haka muke nufi ba? Ranar mun sha kunya.

Shi ya sa a tawa wasiƙar ƙofar tana da faɗi da tsawo da aka auna. Wata shida, sashen kuɗi, za mu kira ka kafin talla, ba sai ka sake jarrabawar farko ba. Kowanne cikinsu abu ne da ke hannunki, za ki iya cikawa ko da ba a ɗauke shi a ƙarshe ba. Amma kafin ki rubuta ko ɗaya, ki shiga wurin mai makaranta ko shugabanta ki karanta masa sakin layin, ya ce ya yarda. Idan ya ce shi kowane gurbi sai an yi talla kowa ya nema, to ki rage: "za mu sanar da kai ranar da tallar ta fito, muna kuma ƙarfafa maka gwiwa ka nema." Ƙaramar ƙofa ce, amma ta gaske. Idan kuma kin san a ranki makarantar akanta ɗaya take ɗauka kuma babu wani gurbi a sashen nan da shekara biyu, kada ki yi masa kwalliya da wata shida. Ki gaya masa ba ku hango gurbi nan kusa ba, amma da izininsa za ki ambace shi idan wata makarantar ta tambaye ki akanta. Masu makarantu suna tambayar juna irin wannan a kai a kai, kuma sau da yawa wannan ya fi amfanar mutum.

Me ya sa wata shida? Domin a ɗan abin da na gani, idan sabon ma'aikaci zai tafi ko za a sallame shi, yawanci a cikin wa'adin gwaji ne, wanda wurare da yawa ke sawa wata uku zuwa shida. Wato lokacin da kika fi yiwuwar buƙatar na biyu ke nan. Bayan haka kuma shi ma rayuwarsa ta yi gaba, makin da ya samu ya tsufa. Kada dai ki rubuta masa wannan dalilin. "Idan wanda muka ɗauka bai yi ba za mu kira ka" magana ce da ke sa mutum zaman jiran faɗuwar wani, kuma idan ta koma kunnen sabon akantanku kin ɓata masa farkon aiki.

Neman izinin ajiye takardu ba tsirfa ba ce. A fayil ɗinsa akwai ranar haihuwa, adireshi, lambar waya, hotunan shaidar karatu, wataƙila har lambar katin ɗan ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanadi cewa bayanan mutum ana amfani da su ne don abin da aka karɓe su saboda shi, kuma ba a riƙe su fiye da buƙata. Shi don wannan gurbin ya ba ku. Layi ɗaya na neman izini ya raba ki da matsala, yana kuma da wata fa'ida: amsarsa za ta nuna miki ko har yanzu yana so. Wanda ya amsa cikin kwana biyu da godiya, ki sa masa alama. Wanda ya yi shiru, ki tuna masa sau ɗaya, ki bar shi.

Game da addu'a da maganar rabo, ga ra'ayina, wani na iya saɓa mini. Addu'a ɗaya a ƙarshe ta dace, haka muke rufe magana. Amma kada ki cika wasiƙar da "haka Allah Ya so", "ba rabonka ba ne", "wani hanin ga Allah baiwa ne". Gaskiya ne duka, sai dai ba daga bakinki ya kamata su fito ba. Mahaifiyarsa za ta faɗa masa, shi ma zai faɗa wa kansa. Idan wanda ya yanke hukunci ne ya faɗa, sai ya yi kama da mai ɓuya a bayan ƙaddara don kada a tambaye shi dalili. Ku kuka zauna kuka zaɓa, ku ɗauki nauyin zaɓinku. Idan kuma mai neman ba Musulmi ba ne, ga jihar Gombe da mutanen Billiri da Kaltungo da sauransu, sai ki buɗe da gaisuwar da ta dace da shi, sauran duk ɗaya ne. Haka idan da Turanci kuka yi duk mu'amalarku, da shi za ki rubuta, tsarin bai canza ba.

Mutumin da ya biya kuɗin mota sau biyu ya cancanci ya ji murya kafin ya ga takarda. Ki kira shi da kanki, da safe, a ranar aiki, ba yammacin Juma'a ba da zai kwana biyu yana juyayi babu wanda zai tambaya. Bayan gaisuwa ki ce, "Malam, na kira ne in sanar da kai sakamako da bakina. Ba a ɗauke ka ba a wannan karon, kai ne na biyu, kuma akwai wasiƙa da zan turo maka yau mai bayanin abin da muke so mu yi nan gaba." Sai ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. Zai iya cewa ba komai, zai iya roƙo. Idan ya ce a taimaka a sake dubawa, kada ki ce "bari mu gani", wannan kalmar za ta jawo miki kira goma. Ki ce an riga an rufe, wanda aka ba ya karɓa. Minti uku sun isa. Wasiƙar ta bi baya a ranar, ta imel, ko ki ɗauki hoton mai sa hannun ki tura ta WhatsApp idan ta nan kuka saba magana. Idan kun yi alkawarin mayar da kuɗin mota, a biya kafin kiran ko tare da shi. Idan kun karɓi ainihin takardun shaidarsa don tantancewa, a mayar masa a makon.

Saura abin da ba a gani a wasiƙar. Ki buɗe fayil, ki sa kwafinta da takardar makinsa da amsar da ya bayar, ki rubuta a bangon fayil ɗin ranar da wata shidan za su cika. Ki gaya wa mutum ɗaya a ofis bayan ke, domin ranar da gurbin zai fito wataƙila kina hutun haihuwa ko kin bar wurin, wanda ya gaje ki kuma zai buga talla bai san an yi wa wani magana ba. Idan wa'adin ya cika babu gurbi, ki tura masa layi biyu cewa lokacin ya cika, ba a samu ba, ko yana so a ƙara wasu wata shida ko a lalata takardun. Idan ya ce a lalata, a yayyaga su ko a ƙone, kada su ƙare a hannun mai ƙosai a bakin ƙofar makaranta.